Wasiƙar da aka ja wa layi da jan biro

Ranar Talatar da ta wuce, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu a nan arewacin Ingila, yayyafi na ta bugun gilashin taga, na kai wa wata farfesa wasiƙata ta neman gurbin bincike na shekara uku bayan digirin digirgir. Ta ajiye kofin shayinta a kan tulin takardu, ta ɗauki jan biro ta soke sakin layin farko gaba ɗaya. A wurin ne na yi gaisuwa, na yabi jami'ar, na roƙi alfarma, kamar yadda muka saba a Kano. Ta ce masu tantancewa na da wasiƙu jibge a gabansu, abin da zan yi suke nema. Wallahi abin ya sosa min rai.

Amma da muka sake rubutawa, na ga gaskiyarta. Wasiƙar shafi biyu ce. Layin farko ya zama tambayar binciken: yadda fataucin gyaɗa ya sauya harkar bashi tsakanin manoma da dillalai bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga nan muka raba aikin. Shekarar farko zan karanta takardun mulkin mallaka a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da ta Kew da ke Landan, ta biyu hira da dattawan gidajen fatake a cikin birni, ta uku rubuta littafi. Ta ce duk shirin da ba a ga wurin da za a je da lokacin da za a gama ba, buri ne kawai.

Bangaren koyarwa ya fi ba ni wahala. Na rubuta cewa a shirye nake in koyar da duk abin da aka ba ni. A gida wannan ladabi ne, su kuwa a wurinsu alama ce ta ban duba manhajar sashen ba. Sai na ambaci kwas ɗaya da suke da shi wanda zan iya ɗauka, na kawo sabo na mako goma kan tarihin kasuwancin Afirka ta Yamma, har da yadda zan auna ɗalibai.

Tsarinsu ya fi fito da aiki fili, ban musa ba. Sai dai mu an rene mu da cewa yabon kai jahilci ne, kuma ban yarda kunyarmu rashin iyawa ba ce. Na koyar da aji mai ɗalibai sama da ɗari biyu a Kano, cikin zafin Afrilu, ba wuta, ba lasifika. Malamina da ya ɗora ni a kan wannan hanya bai taɓa cewa "ni na yi" ba, ɗalibansa ne ke faɗa. Daren da na aika wasiƙar, shi na kira, muka daɗe muna gaisawa kafin in ambaci abin da ya sa na kira.