Abin da Ya Dace a Bai wa Abokin da Bai Rasa Komai Ba

Shekaru da dama ke nan ina zaune a Birmingham, kuma duk lokacin da zan dawo Katsina, tsarabar da ta fi ba ni wahala ita ce ta aminina na ƙuruciya, wanda Allah ya buɗa wa kasuwa har ya zamana babu abin da zan saya masa wanda bai mallaki wanda ya fi shi ba. Na taɓa kai masa turare mai tsada da shadda yadi 10, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa albarka. Da ya buɗe durowar ɗakinsa zai ajiye, sai na ga shaddodi a jere, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Bayan wata biyu na ga tawa a jikin ƙaninsa a hoton ɗaurin aure, kuma ban ji haushi ba, domin haka kyauta take yawo a wurinmu, amma na gane cewa shi kansa ban ba shi komai ba.

A nan Ingila mutane sukan warware wannan matsalar da tikitin kallon ƙwallo ko takardar cin abinci a wani wuri, a sa a ambulan a miƙa. Ban yarda cewa wannan zai yi aiki a Katsina yadda yake ba. Mai hali a garinmu ba kuɗin fita ya rasa ba, lokacin kansa ya rasa, tun da daga asuba zaurensa cike yake da masu gaisuwa da masu buƙata. Idan ka miƙa masa takarda ka ce ya je lokacin da ya samu sarari, to ka ƙara masa abin ajiya ne a durowa.

Abin da na gwada a zuwana na baya shi ne tafiya Daura. Kimanin kilomita 80 ne daga Katsina, kuma aminin nawa ya sha ratsa garin a kan harkar kasuwanci, amma bai taɓa tsayawa a rijiyar Kusugu ba, wadda tun muna firamare ake ba mu labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗibar ruwanta sai ranar Juma'a. Ban tambaye shi ranar da yake so ba. Uwargidansa na kira, na ce, “Hajiya, wace rana ce Alhaji ba shi da ɗaurin aure kuma ba ya jiran kaya?” Ita ta zaɓa mini Talata. Na ɗauki hayar mota na biya tun jajibiri, na kuma yi odar abincin rana na biya, domin na san halinsa: muddin ya ga ana ƙirga kuɗi a gabansa, sai ya riga ni zura hannu aljihu, kyautar ta koma tasa. Na gayyaci abokinmu guda ɗaya tak na makarantar allo, na roƙi Alhaji ya bar yaransa a gida, saboda da zarar tawaga ta biyo shi, ya koma maigida mai sallamar jama'a.

A bakin rijiyar na ga ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya karɓi guga ya ja da kansa, ruwan yana zuba a kan takalminsa bai ko duba ba. Ya kurɓa, ya miƙo mini, ya ce, “Malam, rabona da jan guga tun gidan kakarmu.” Daga nan har muka kamo hanya bayan la'asar, hirar mutanen da suka riga mu gidan gaskiya muka yi.

Irin wannan kyauta tana da iyakarta, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ba ta yiwuwa sai da ƙafar mai bayarwa, wanda ga mu mazauna nesa yana nufin sau ɗaya a shekara ko ma ƙasa da haka. Ba ta kuma maye gurbin gudummawar biki ko ta suna, inda dangi ke son ganin abin da amini ya kawo, haka nan yaran gida ba za su karɓi labarin Daura a madadin tsaraba ba. Akwai ma alamar da ke nuna shirin ya rushe tun ba a fara ba: idan ka ambaci tafiyar ya ce “sai mun yi waya” ba tare da an tsayar da rana ba, gara ka koma wurin uwargida a sake neman wata ranar, kafin hutunka ya ƙare ka koma da niyyarka a cikin jaka.