Kuɗin Hajji ba na gwaji ba ne

Kun dai ji abin da ya faru a majalisarmu ta Garwa ranar Juma'a, har yanzu raina a ɓace yake. Na ce wa Kawu ya rage hannun jarinsa, wani yaro da bai taɓa biyan kuɗin haya ba ya ce baƙin ciki nake yi masa.

Kawu shekararsa 58. Baɗi yake son sauke farali, shekara biyu masu zuwa ya ajiye aiki. Miliyan 10 na sefa ya fara da su, ya raba biyu: rabi hannun jari, rabi ajiyar da zai ɗauka duk ranar da ya so. Hannun jarin ya tashi daga miliyan 5 zuwa 8. Yanzu dukiyar miliyan 13 ce, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari na zaune a ɓangaren da ke iya faɗuwa cikin mako guda. Shi da bakinsa ya ce kasadar rabin kuɗin kawai zai iya ɗauka. Kasuwa ce ta ƙara masa kaya bai sani ba.

Abin da na ce kawai: rabin 13 shi ne 6.5, ya sayar da na miliyan ɗaya da rabi ya zuba a ajiya. Ya koma kan ma'aunin da ya gindaya wa kansa. Ina baƙin cikin yake a nan?

Wai "ai tashi yake yi". To ya tashi mana, miliyan 6.5 na nan a ciki. Kai ɗan shekara 28, ko kashi 70 ka zuba ba zan ce uffan ba, in ya faɗi kana da shekara talatin na jira. Kawu wata nawa gare shi? Kuɗin da aka yanka wa rana ba a kai shi inda farashi ke rawa. Kuma kasuwar hannun jari ta BVMAC da ke Duwala kamfanoninta kaɗan ne, kana iya sa kaya ka yi kwanaki babu mai saye. Ranar biyan kujerar Makka ba ta jiran mai saye.

Wani kuma ya ce me ya sa ba za a riƙa daidaita rabon duk wata ba. Dillali na yankar lada a kowane ciniki, kuma mai dubawa kullum jita-jita yake bi. Ka tsayar da rana ɗaya a shekara, ka yi lissafi. In gibin kaɗan ne ma, sabon kuɗin da ka samu ka zuba wa ɓangaren da ya rame, ba sai ka sayar da komai ba.

Masu cewa a tara komai a akwati ma ban yarda da su ba. Mahaifina tsabar kuɗi ya riƙe har Janairun 1994, aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi. Keken ɗinkin da yake tara wa kuɗi, sai bayan shekara biyu ya shigo gidanmu.