Ingausa ma tana da nahawunta

Ranar wata Juma'a da yamma 'yar yayata, wadda ke aji biyu a jami'a, tana waya da ƙawarta a tsakar gida. Na ji ta ce: "Wallahi na yi kolin ɗinki sau uku, netwok ɗin ne ya ɗauke. Kin yi sabmitin ɗin asayimen ɗin?" Wani kawunmu da ke zaune kan tabarma ya girgiza kai ya ce yaran yanzu sun tashi a tutar babu, ba Hausa ba Turanci. Da ta ajiye wayar ta zo ta durƙusa ta ce, "Kawu, barka da yamma, ya ƙarfin jiki?" Suka yi hira mai tsawo, kalmar Turanci ko ɗaya ba ta fito daga bakinta ba.

Ina girmama Kawu, amma a nan ban yarda da shi ba. Hujjata tana cikin jimlar da ta ɓata masa rai. (Na rubuta kalmomin Turancin yadda suke fita daga baki, domin a bakin ne ake sarrafa su.)

A dubi "na yi kolin ɗinki". Me ya hana ta cewa "na kol ki"? Duk mai jin harsunan biyu zai ji wannan ya yi masa banbaraƙwai, ko da bai taɓa shiga ajin nahawu ba. Aikatau na Turanci ba ya faɗowa cikin jimlar Hausa kai tsaye. Sai an mai da shi suna, a sa "yi" a gabansa, a ɗaura masa "ɗin", sannan wanda aikin ya faɗa wa ya biyo baya: ya yi bulokin ɗina, ta yi fowadin ɗin saƙon. Lokacin aikin da wanda ya yi shi duk Hausa ce ke riƙe da su: na yi, zan yi, ina yin. Korewa ma haka take, "ban yi kolin ɗinki ba", da "ba" ɗinta ta ƙarshe daram a wurinta. Ba malamin da ya koya wa matasan Kano da Zariya da Jos wannan tsari, amma kusan dukansu a kansa suke.

Kuma ƙofar nan ta "yi" ba yau aka buɗe ta ba. Ta nan kalmomin Larabci da yawa suka shigo mana tun zamanin kakanni: yi addu'a, yi tawakkali, yi istigfari, yi sallama. Ta nan "yi fakin" ya shigo har ya zama ɗan gida a kowace tasha. Wasu baƙin ma sun daɗe har sun zama cikakkun aikatau, kamar "canza" da ya samo asali daga Turanci, wanda yau ba mai kallonsa a matsayin baƙo.

Wannan "ɗin" ma ba da ka ake jefa shi ba. Kalmar da ta gama zama Bahaushiya takan ɗauki ɗafinmu na gado da jam'inmu: mota, motar, motoci; tebur, teburin, tebura. Wadda har yanzu take da ƙamshin baƙunta, musamman in ba da wasali ta ƙare ba, sai a ba ta "ɗin": netwok ɗin, mesej ɗin. Sannan dole a yanka mata jinsi, abin da sunayen abubuwa a Turanci ba su da shi. Shi ya sa yarinyar ta ce netwok ɗin "ne ya" ɗauke. Da kan ƙawarta take magana da sai ta ce "ita siriyos ce", in ƙanenta ne kuma "shi siriyos ne". Ko ƙirga ɗalibai za ta yi, "situdens biyu" za ta ce, domin a Hausa adadi bayan suna yake zuwa. Za ta iya ɗauko guntun Turancin dungurungum ta ce "tu situdens", amma "biyu situdens" ba zai fito daga bakinta ba. Wanda kansa ya ruɗe ba ya kiyaye iyaka mai siriri irin wannan cikin saurin hira.

Masana harshe sun daɗe da lura da haka a wasu ƙasashe. A 1953 Uriel Weinreich yana ganin gwanin harshe biyu ba ya sauya harshe a tsakiyar jimla, kusan ra'ayin Kawu ke nan. A 1980 Shana Poplack ta fitar da nazarinta kan hirar 'yan asalin Puerto Rico mazauna Gabashin Harlem a birnin New York, masu haɗa Sifaniyanci da Turanci. Ta tarar cewa sauyin yana faruwa ne a gaɓoɓin da tsarin harsunan biyu ya yi daidai, kuma waɗanda suka fi ƙwarewa a harsunan biyu su ne suka fi sauyawa a tsakiyar jimla, masu rauni a ɗaya kuwa sukan tsaya kan 'yan kalmomin da ake liƙawa a gefe. Daga baya Carol Myers-Scotton, wadda ta yi aiki kan masu haɗa Swahili da Turanci a Nairobi, ta bayyana a 1993 cewa harshe ɗaya ne ke kafa ginshiƙin jimla, ɗayan kuma ya ba da kalmomi. An samu misalan da suka saɓa wa ƙa'idojin Poplack a wasu harsuna, masana kuma suna ta muhawara kan yadda za a tsara dokokin. Amma bayanin Myers-Scotton ya zauna wa Ingausa sosai: Hausa ce mai gida, Turanci baƙo ne da ake nuna wa inda zai zauna.

Abin da ya fi damuna shi ne son kan da ke cikin hukuncinmu. Malami a wurin tafsiri zai fara jimla da Hausa, ya ratsa ta Larabci, ya dawo ya ƙarasa da Hausa, mu ce ma sha Allahu, malam ya sha karatu. Yarinya ta yi irin wannan da Turanci sai mu ce ta lalace. Aikin da ƙwaƙwalwa ke yi iri ɗaya ne, matsayin harsunan a zukatanmu ne ya bambanta.

Duk da haka tsoron Kawu yana da tushe, kuma ni ma ina jin sa. Akwai yaran da ke tashi a Abuja da Legas da Hausa ke zame musu da gaske. Sai dai yawan kalmomin Turanci ba shi ne ma'auni ba. Alamar hatsari ita ce ginshiƙin ya fara tsagewa: yaro ya ce "motan ya zo", ya kasa bambance "ne" da "ce", ya rasa jam'in kalmomin yau da kullum, ko kakarsa ta tambaye shi abu ya tsaya yana lalube. Wannan yaron Hausa yake buƙatar ya ƙara ji, a gida da wurin dangi da littattafai. Tsawa ba za ta ba shi abin da bai samu ba, sau da yawa ma sai ta sa ya daina gwada Hausar gaba ɗaya ya koma Turanci zalla, inda ba mai yi masa dariya.

Akwai kuma wuraren da nake ganin Ingausa ba ta dace ba. Mai karanta labarai a rediyo, da ma'aikaciyar asibiti da ke bayanin yadda za a sha magani, da alƙalin da ke yanke hukunci, duk suna magana da mutanen da yawancinsu Hausa kaɗai suke ji. In suka cakuɗa, sun tauye wa mai sauraro haƙƙinsa, ko da jimlarsu ta bi kowace ƙa'ida. Sanin wanda ke gabanka yana cikin gwanintar, kuma a kan wannan ya kamata a riƙa yi wa mutane gyara.

Da na faɗa wa Kawu wannan duka, ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce shi dai har yanzu kunnensa ba ya son ta. Na ce wannan haƙƙinsa ne. Sai ya kira yarinyar ya miƙa mata wayarsa, ya ce ta duba masa ko alat ɗin fanshonsa ya shigo.