p = 0.03 ba ya nufin kana da gaskiya kashi 97

Duk lokacin difens na furojet sai ka ji wannan maganar, dalibi ya nuna teburin SPSS, manhajar lissafin kididdiga, a karkashin Sig., wurin da lambar p ke fitowa, an rubuta .030, sai yace wai ai akwai tabbacin kashi 97 cikin dari cewa sabon takin da ya gwada yafi tsohon. Manaja ma haka yake karantawa in aka kawo masa rahoto. To ba abinda lambar ke fada kenan ba.

A dauka an gwada taki biyu a gonakin masara, sabon ya bada karin buhu biyu a hekta, p ta fito 0.03. Lissafin yana farawa ne da kaddara cewa takin biyu duk daya ne, babu bambanci ko kadan, sannan a tambaya, in haka ne, sau nawa za'a ga rata mai girman buhu biyu ko fiye saboda kawai wata gonar tafi wata kasa ko ruwa? Amsar ita ce kamar sau 3 in aka maimaita gwajin sau 100. Shikenan. Tunda da kaddarawar aka fara, lambar ba zata dawo ta gaya maka ko kaddarawar gaskiya ce ba.

Wani zai ce ai duk tafiyar daya ce. Bari muyi lissafi. Kamfani ya gwada taki iri 100, a ciki 10 ne kadai ke da amfani da gaske, kuma gwajin na iya kama 8 daga cikin goman nan. Sauran 90 din ba su tsinana komai, amma da layin 0.05, wato in p ta fito kasa da 0.05 ace takin ya ci, kusan 4 ko 5 daga cikinsu zasu tsallake bisa sa'a kawai. Kenan manajan na rike da taki 12 ko 13 da "suka ci", kuma wajen kashi daya cikin uku na bogi ne, alhali shi yana zaton kuskurensa bai wuce kashi 5 ba.

Ni abin da yafi bani haushi ma shine dayan bangaren, p ta fito 0.08 sai dalibi ya rubuta "babu bambanci", sufabaiza ya sa hannu. Gona shida fa kawai ka gwada malam, ko bambancin na nan da wuya ka ganshi. Shi kanshi 0.05 din al'ada ce da ta yadu daga rubutun Ronald Fisher na 1925, kuma a 2016 kungiyar masana kididdiga ta Amurka ta fito karara tace kar a yanke hukunci da wannan layin kadai.

Sai mai ganin .000 ya rubuta p = 0. SPSS ne ya yanke lambar, ka rubuta p < 0.001, kuma kar ka dauka hakan na nufin karin yana da yawa, in gonakin sun kai dubbai ko karin tiya daya a hekta zai iya bada wannan lambar. Manaja ya tambayi buhu nawa aka karu, daga nawa zuwa nawa karin zai iya kasancewa, kuma ko ya biya kudin takin.