Kafin a ce "duk harsunan duniya", a faɗa mana waɗanda aka ƙirga

Bahaushe yakan ce "Audu ya sayi doki": aikatau a gaba, karɓau a baya. Maƙwabcinsa Babarbare kuwa bayan Audu doki yake ambata, sayen ya zo a ƙarshe. A 1963 masanin harsuna Joseph Greenberg, wanda ya taɓa yin bincike a ƙasar Kano, ya duba harsuna 30 ya fitar da ƙa'idoji 45, da yawansu masu sharaɗi ne: in harshe yana da kaza, to zai kasance da kaza. Ga ta huɗu, wadda ta tsaya da ƙafarta har yau. Harshen da ke ajiye aikatau a ƙarshe, galibi kalmomi irin su "a" da "daga" bayan suna suke zuwa masa, kamar yadda Barbarci yake yi.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne wajen sifa. Masanan da suka biyo baya, irin su Winfred Lehmann da Theo Vennemann, sun faɗaɗa maganar, har ta zama karatun aji cewa harshe mai aikatau a ƙarshe sifarsa gaban suna take. Hujja kuwa ga ta birjik: Turkanci, Japananci, Indiyanci. Amma da ma an leƙa Maiduguri. Babarbare "kam kura" yake cewa, wato mutum babba, sifa a baya, alhali aikatau ɗinsa a ƙarshe yake.

Wani masanin harsuna, Matthew Dryer, ne ya warware zaren. A bincikensa na 1992 ya tara harsuna 625, amma bai ƙirga su ɗaya-ɗaya ba. Ya haɗa dangi na kusa wuri guda ya ba su ƙuri'a ɗaya, ya raba duniya shiyya shida, ya ce ba zai yarda da wata alaƙa ba sai ta bayyana a kowace shiyya. Alaƙar aikatau da su "a" da "daga" ta ci jarrabawa. Ta sifa ta faɗi, domin ta zama al'adar maƙwabta a yankin Turai da Asiya kawai.

A ganina hanyar Dryer ce ta gaskiya. Harsunan Bantu ɗaruruwa ne, kuma tsarin jimlarsu gadon kaka ɗaya ne; ƙirga su daban-daban tamkar kiran 'yan gida ɗaya ne su yi wa juna shaida. Sai dai ita ma tana da giɓi. Dole a jefa kowane harshe cikin akwati guda, alhali Bahaushe yana cewa "farin doki" yana kuma cewa "doki fari". Sannan harshen da ba a rubuta nahawunsa ba ba ya shiga lissafi ko kaɗan, kuma ƙananan harsunan Bauchi da Filato da yawa suna cikin wannan hali.