Kafin Ka Ce Sana'a Ta Fi Albashi, Buɗe Littafin Lissafinka

Ƙanena ya gama digiri, hanyoyi uku suka buɗe masa kusan lokaci guda: gurbi a wata ma'aikatar gwamnati, aikin kwantiragi a wani kamfani, sai kuma 'yar sana'ar sayar da kayan waya da ya fara tun yana ɗalibi. Ya zo ya same ni ya riga ya yanke shawara. Ya ce, "Yaya, me zai kai ni aikin wani? Abin da ke shigo mini a wata ya ninka albashin gwamnatin nan sau biyar."

Na ce ya ɗauko littafin da yake rubuta ciniki. Ba zan faɗi ainihin kuɗin ba, amma a ɗauka albashin gwamnatin 100 ne. Kamfani zai ba shi 160. Cinikinsa na wata kuwa 500. Muka fara cirewa. Sarin kaya ya ci 370. Haya da wuta da kuɗin jigila sun ci 55. Bashin da abokai suka ɗauka, wanda shi kansa ya san ba zai dawo ba, 25. Abin da ya rage 50 ne, rabin albashin da yake rainawa, kuma yana zaman shagon nan daga safe har dare, babu ranar hutu. Ya daɗe yana kallon takardar bai ce uffan ba.

Wannan ne kuskuren da ya fi ci mini rai, domin yana karya matasa masu ƙwazo. Kuɗin da ya ratsa hannunka yawancinsa na mai sari ne da mai haya. Idan ba ka ware wa kanka albashi ba, kana ci daga aljihun shago, to uwar kuɗi kake ci ba ka sani ba. Alamar a fili take: ciniki na tafiya, amma duk wata kayan da kake iya sarowa suna raguwa, kanta na yin fili.

Shi ma 160 na kamfani ban yarda mu ɗauke shi yadda yake ba. Kwantiragin shekara ɗaya ne. Idan ba a sabunta ba, ya yi wata uku yana neman wani, to kuɗin wata 12 ne zai riƙe shi wata 15, wato 128 ke nan a wata. Saboda haka na sa ya karanta takardar ɗaukar aikin layi-layi: wata nawa ne gwaji, sanarwar kwana nawa za a ba shi kafin sallama, akwai fansho da kula da lafiya ko babu. Mutane da yawa adadin albashi kawai suke dubawa su sa hannu.

Aikin gwamnati ba na cikin masu zaginsa. Mai ɗawainiyar iyaye, wanda faɗuwar wata ɗaya za ta hana gida abinci, yana da hujjar riƙe shi, kuma fansho ba wasa ba ne. Sai dai albashinsa yakan daɗe bai motsa ba. Idan farashi na tashi kashi 20 cikin ɗari duk shekara, bayan shekara biyu 100 ɗin nan abin da bai kai 70 ba zai saya. Sannan a ƙasashe da dama doka ta taƙaita wa ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci, don haka mai cewa zai haɗa biyun ya fara karanta ƙa'idar aikin.

Ra'ayina, kuma da gaske nake: wanda bai tara abin da zai ci na wata shida ba tare da ya taɓa jari ba, kuma ribarsa ba ta kai ta biya shi albashi ba, bai shirya dogaro da sana'a kaɗai ba. Ga irin ƙanena, mai son kasuwanci kuma babu iyali a wuyansa, na fi son ya shiga kamfani ya ga yadda ake riƙe lissafi, yadda ake ƙidayar kaya, yadda ake bin bashi, ana biyansa yana koyo.

Ƙanena ya zaɓi kamfanin. Ya saki shagon don haya ta daina cinsa, ya koma kai wa tsofaffin kwastomominsa kaya a ƙarshen mako. Ya buɗe wa sana'ar asusu na daban, ya daina ba da bashi. Mun yi da shi cewa ranar da ribar ta kai 128 wata shida a jere, zai kawo littafin mu sake zama.