Gem ɗin da ba a shiga da asusu: ka canza waya, wahalarka ta bi ruwa

Wallahi masu ƙera gem ɗin waya da ba sa sanya wurin shiga da asusu suna cutar mu, kuma da saninsu. Ka ƙona datarka wajen kallon tallar da suke cusa maka, ka yi ta neman inda za ka yi caji in an ɗauke wuta a Gusau, ka kai mataki mai nisa, ranar da ka sayi sabuwar waya a ce ka koma farko. Don me?

Nawa gem ɗin na gona ne, wanda ake yi ko babu intanet. Batirin tsohuwar wayata ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, dole na canza. Yaron shagon ya ce, "Malam, kawo in tura maka komai da Xender." Ya tura, gem ya buɗe, sai ga fili fayau, babu rumbu, babu shanu. Ba laifin yaron ba ne. Abin da ake turawa ta wannan hanya fayil ɗin APK ne, wato gem ɗin kansa. Inda ka tsaya kuwa wani ɗan fayil ne daban, kuma mai gem ɗin ne kaɗai ke zaɓar inda zai ɓoye shi.

Wuri biyu ne a Android. In ya ajiye shi a `Android/data`, akwai sauran fata. Amma tun daga Android 11, wanda ya fito a 2020, an toshe wa manhajojin duba fayil wannan folda, sai ka buɗe ka tarar babu komai ko ta ƙi buɗuwa. Dole na nemi kwamfuta a wajen masu buga takardu, na haɗa tsohuwar wayar da kebul, na zaɓi `File transfer`, na shiga `Android/data`. Foldar gem ba ta ɗauke da sunan da ka sani, sai dogon suna mai ɗigo-ɗigo, yawanci mai farawa da `com.`, irin wanda ke ƙarshen adireshin gem ɗin a Play Store. In da rabo, za ka kwafe foldar `files` da ke ciki. Sai ka sa gem ɗin a sabuwar waya, sigarsu ɗaya da na tsohuwa, ka buɗe shi sau ɗaya don ya ƙirƙiri foldarsa, ka danna `Force stop`, sannan ka zuba naka a kan nasa. Kada `Android/obb` ya ruɗe ka don ka ga yana da nauyi, hotuna da sautin gem ne kawai a ciki.

Ni da na buɗe tawa foldar, `cache` kaɗai na gani, cike da tarkacen talla. Talla dai! Ita sun san inda za su ajiye ta. Wannan ita ce alamar cewa fayil ɗina yana wuri na biyu, `/data/data`, inda kebul ba ya kaiwa sai an yi wa waya rutin, wato a samu ikon shiga duk sassanta da aka kulle. Wani mai gyara ya ce in kawo zai yi. Ban ba shi ba, domin kafin rutin yawanci sai an buɗe `bootloader`, wato manhajar da ke tayar da waya in an kunna ta, buɗe shi kuma yana goge wayar kakaf, har da abin da ake son cetowa. A kashe maciji a ƙona ɗaki ke nan.

Abin da ya fi ƙona min rai, hanya tana nan, kyauta. Tun Android 6 a 2015, waya tana iya ajiye bayanan kowace manhaja har megabait 25 a asusun Google na mai ita, ta dawo da su idan aka sa manhajar a sabuwar waya. Inda ka tsaya a gem irin wannan ba ya kusa da cika wannan awo. Na kunna `Backup` a tsohuwar, na cire gem ɗin a sabuwar na sake saukar da shi da asusu ɗaya, shiru. Mai ƙera manhaja yana iya kashe wannan ajiya da layi guda:

```
android:allowBackup="false"
```

Za su ce suna tsoron masu maguɗin ƙara wa kansu kuɗin gem. To sai a hukunta kowa saboda su? Ku ba mu lambar da za mu kwafa daga tsohuwa mu rubuta a sabuwa mana, wasu gem ɗin ai suna yi. Kun iya sanya maɓallin sayen zinare da kuɗinmu na gaske, na ɗaukar abin da muka tara ne ya gagare ku?

Yanzu tsohuwar wayar ta zame min ƙarfen ƙafa. Ƙanena yana so, masu sayen tsofaffin wayoyi sun taya, amma ranar da aka goge ta ko aka cire gem ɗin, shi ke nan, har foldar `Android/data` tafiya take yi. Ga batiri kumburarre da bai kamata a ci gaba da yi masa caji ba. Na rubuta wa masu gem ɗin ta imel ɗin da suka sa a Play Store, har yau ko uffan.